Kwanon gidan Inna ya yi ja: gyara ko sabon rufi?

Baban Ihsan: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema kafin ruwa ya sauka. Gidan mahaifiyarmu ne a Mabera, ɗaki uku a jere, kwano mai gangara ɗaya a bayan farafet. Rufin ya haura shekara 20. Daminar bara sai da muka jera bokiti biyu da roba a ɗakin Inna, silin kuma ya yi ciki a kusurwa. Shekara uku ke nan a jere muna kiran mai liƙi, ya hau da kwalta, ruwan farko lafiya, na uku yoyo ya dawo. Yayana ya ce a kware duka a sa sabo. Ni kuma aljihuna na ce mini a canza kusoshi a yi fenti. Kwanon ya yi ja sosai daga sama. Wanne ya fi sauƙi in an yi lissafi na gaskiya?

Nura Arkilla: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe kada ka wahalar da kanka. Ka samu farar kumfar nan da ake sakowa a kwalin firji, ka narka ta a fetur, ta zama kamar ƙaro, a bi kan kowace ƙusa a shafa. Haka na yi wa shagona, kuma ya riƙe.

Malam Sani Kafinta: Wa alaikumus salam Baban Ihsan, Allah shi ƙara wa Inna lahiya. Kahin in ce komi, ja ba shi ne ciwo ba. Na sha hawa kwanon da ya yi ja wur awa an zuba barkono, in taka in ji shi daram. Na kuma hau wanda ke ƙyalli daga nesa, ashe dut bakin haɗinshi ya ruɓe. Ƙasarmu busassa ce, wata takwas ba ruwa, tsatsar da ke saman kwano a hili a hankali take ci. Wadda ke kashe kwano ita ce ta inda ruwa ke kwana: wurin da kwano ya hau kan kwano, da bakin ƙusa, da ƙasan gangara kusa da kwata.

Ga abin da nike so ka yi mini. Da rana tsaka ka buɗe ƙofar silin, ka leƙa da kanka ba tare da tocila ba. Duk inda haske ya ratso, huda ce, ka ƙirga. Sannan ka kunna tocila ka bi katako. Da sassahe kuma a sa yaro mai sauƙin jiki shi hau da sukurudireba, shi danna wuraren da munka ambata. In ƙarhe ya yi ƙara ya tsaya, lahiya lau. In ya lotsa ko ya ɓare awa ɓawon albasa, wannan ya gama aiki. Ka ƙirgo mini kwano nawa ne a layi, layi nawa ne.

Nura Arkilla: Malam ba ka ce komai kan kumfar ba.

Malam Sani Kafinta: Ɗana Nura, tana toshe 'yar huda ta ƙusa guda, ban musa ba. Amma ranar Sakkwato ta watan huɗu tana gasa ta ta tsattsage, ruwa shi shige ƙarƙashinta shi zauna. Ita da kwalta duk hali ɗaya. Kuma ƙusar da ta kwance daga katako, ko mi ka shafa mata bisa kai, tana nan a kwance.

Injiniya Aliyu: Ina goyon bayan Malam. Bari in ƙara dalilin da ya sa ƙusa ke tashi, don shi ne zai nuna me ya sa liƙi ba ya daɗewa. Kwano da rana yana ɗaukar zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ya miƙe, da dare ya huce ya koma. Kullum haka, shekara da shekaru. Wannan motsin ne ke zaro ƙusa a hankali, ramin da ke jikin kwano kuma ya ƙara faɗi. Katakon ma ya bushe ya saki. Sai iskar farkon damina ta zo ta ɗaga kwanon ta ajiye. Robar da ke ƙarƙashin hular ƙusa kuwa tun tuni rana ta cinye ta. In Baban Ihsan ya duba zai ga wasu ƙusoshin da yatsa biyu ma za a zare su.

Abu Gagi: Ni dai in maganar zafi ce, a sa lonsfan na alminiyon kawai a huta. Ɗakina tun da na sa ban ƙara jin zafi kamar da ba.

Baban Ihsan: Abu ba zafi ba ne, yoyo ne. Na gode dai. Malam, gobe Asabar in sha Allah zan je in yi abin da ka ce.

Hajiya Maman Sadik: Don Allah ku ba ni dama in sa tawa a ciki tunda masana na kusa. Kicin ɗina na tsakar gida, kwanon bai fi shekara shida ba, amma ya huhhuje kamar rariya daidai saman murhu. Na ɗaki kuwa da aka sa rana ɗaya ko ɗigo ba ya yi. Na ɗauka mai kwanon ne ya cuce mu.

Malam Sani Kafinta: Hajiya ba lalle an cuce ku ba. Naki daga ƙasa tsatsa ta ci shi. Tururin tukunya da hayaƙi na haɗuwa su manne ga kwano, da dare raɓa ta kama. Haka kwanon bayi da na garken awaki ke yi. Maganinshi a bar tazara tsakanin bango da kwano hayaƙi shi fita, in anka sa sabo kuma a shafa fenti ta ciki tun kahin a ɗora. Guda biyu ko uku na saman murhu kawai za a canza.

Hajiya Maman Sadik: Allah ya saka da alheri Malam. Lalle kuwa bangon har sama aka liƙe shi da siminti.

Baban Ihsan: Jama'a na dawo da rahoto. Layi uku ne, kowanne kwano 20, jimla 60, wato bandir uku. Katakon da aka buga ƙusa a kai, tubaitu, layi bakwai ne daga sama zuwa ƙasa.

Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Kwatar siminti da ke bayan farafet cike take da ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro, har wata ciyawa ta tsiro ta bushe. Indararo biyu ne, ɗaya a toshe da leda. Bakin kwanon layin ƙasa yana nutse cikin wannan ƙasar. Da yaron ya danna sukurudireba sai ya shige kamar a takarda. A cikin 20 na layin ƙasa, 14 sun ruɓe daga baki zuwa kamar taƙi ɗaya da rabi. A layin tsakiya biyar suna da huda, huɗu daga ciki a ƙarƙashin bulo da tsohuwar taya da aka ɗora don iska. Da muka ɗaga bulon, ƙasa ce damƙam a ƙarƙashi, kwanon ya yi baƙi. Layin sama ja ne amma ko ina ƙarfi gare shi. Tubaitu biyu na ƙasa sun yi laushi, ƙusa ba ta kama su. Manyan katako, tubaifo, na buga da hama sun yi ƙara mai kyau, sai guda ɗaya da na ga hanyar gara a jikinsa kusa da bango.

Malam Sani Kafinta: Madalla, yanzu munka samu abin magana. Ka ga ba tsufa ne ya kashe kwanon Inna ba, kwata ce da bulo. Kuma yoyon da kuke gani a kusurwa, rabinshi ba ta huda yake shiga ba. Kwata na cika, ruwa shi hau shi koma baya ta ƙarƙashin kwano shi sauka kan bango. Shi ya sa mai kwalta bai taɓa gamawa ba, yana liƙin sama, ruwa na shiga ta ƙasa.

Sa'ar da kunka yi ita ce ɓarnar ta taru layi ɗaya. Layin ƙasa a cire shi dut, har da shida masu lahiya. Za a zare ƙusoshin bakin layin tsakiya, a ɗaga shi kaɗan, a zura sababbi ƙarƙashinshi. Shidan da sunka tsira, biyar su tahi su maye gurbin masu huda na tsakiya, tunda ƙirarsu ɗaya, tudu zai zauna kan tudu. Bandir ɗaya ke nan ka saya, ba uku ba.

Da a ce 19 ɗin nan a warwatse suke, biyu nan uku can, da na ce maka a kware. Don kowane kwano guda da za ka cire a tsakiya, sai ka kwance na gefenshi da na samanshi, kuma tsohon kwano kowane zarar ƙusa na ƙara mishi rauni.

Injiniya Aliyu: Wannan dabarar mayar da tsofaffin tsakiya ta yi kyau, amma a kula da ramukan ƙusa na da. Ba lalle su faɗa daidai kan katako ba. Duk ramin da ya zauna a banza sai an toshe shi da filashban, wato ƙyallen liƙi mai kwalta a ciki, bayan an goge wurin tas ya bushe.

Sannan Baban Ihsan ka yanki ɗan guntun tsohon kwano mai tudu uku ko huɗu ka je da shi kasuwa. Ka ɗora shi kan sabon. In tudun bai zauna ba, kada ka saya, don wurin haɗin zai yi baki, iska ta tura ruwa ciki. Ka kuma gwada kaurinsu da hannu. Yawancin kwanon da ya fi arha yanzu siriri ne, akwai wanda bai kai 0.20 na milimita ba. Tsohon kwano ja mai kauri yakan fi sabon siriri jure iska.

Nura Arkilla: To ni abin da ban gane ba, me ya sa ake buga ƙusa a kan tudu? Ai a kwari kwano ya kwanta kan katako, can ya kamata ta fi kamawa. Mai aikina a kwari ya buga.

Malam Sani Kafinta: Kwari hanyar ruwa ce Nura. Dut ruwan da ya sauka bisa ruhi ta nan shike bi, da ƙura da ganye. Ƙusar tudu ɗigon da ya faɗo mata kawai take gani. Ta kwari kuwa ran da robarta ta mutu, ranar za ka sa bokiti. Kila shi ya sa kake ta shan wahalar kumfa.

Nura Arkilla: Wallahi kuwa duk shekara sai na sake shafawa. Na karɓa.

Baban Ihsan: Yanzu batun ƙusa. In mayar da ƙusa mai hula irin ta da, ko in sa sukuru mai roba? Kuma guda nawa?

Injiniya Aliyu: Sukuru mai wosha, ba shakka. Lissafin mai sauƙi ne. In kowane kwano na ɗaukar huɗu a kowane layin katako, layi ɗaya 80 ke nan, layi bakwai 560. Ka sayi 600, saboda layin ƙasa da gefuna ana ƙara musu, nan iska ke fara kamawa.

Abu biyu ne ka tsaya a kansu. Na farko, sukurun ya fi tsohuwar ƙusa kauri, kuma tsawonsa ya isa ya wuce tudun kwano ya shiga katako kamar inci ɗaya da rabi. In ka mayar da siriri cikin tsohon rami, zai yi ta juyawa ne bai kama komai ba. Na inci biyu da rabi zuwa uku ne ake sawa a irin wannan. Na biyu, woshar. Mai kyau ƙarfe ce a sama, baƙar roba mai taushi a ƙasa. Ka lanƙwasa robar da farce, in ta dawo lafiya, in ta yi fari ko ta tsage ka bar ta, zafin bazara ɗaya ko biyu zai gama da ita.

Wajen ɗaurewa kuma a tsaya da zarar robar ta kwanta ta ɗan leƙo gefen ƙarfen. Yara masu diril suna son matsawa har tudun ya lotsa. In ya lotsa ya zama ɗan kwano mai tara ruwa a bakin ramin, robar kuma ta fashe. Kuma sukuru ya shiga a miƙe, in ya karkace gefe ɗaya na woshar a buɗe yake.

Malam Sani Kafinta: Injiniya gaskiya ya hwaɗi, amma ban yarda a zare dut 560 ba. Ƙusar da ta zauna daram, hularta ba ta ci ba, a bar ta. Zararta ma ɓarna ce. A bi layi-layi, wadda ta ɗago kai ko ta yi motsi ko hularta ta ruɓe ita za a cire. Layin ƙasa da bakin na tsakiya dole sababbi ne, wannan layin katako uku ke nan, 240. Sauran huɗun kila rabi.

Kuma ka tsaya kan mai aiki wurin zara. A kwantar da guntun katako ko bututu cikin kwari, hama ta dogara kanshi, ba kan tudun kwano ba. In sukuru ya juya bai kama ba ko da mai kauri ne, kada a cusa mishi tsinke. Katakon ne ya mutu, ko a kauce kaɗan a huda sabon wuri a toshe tsohon, ko a manna sabon tubaitu gefenshi ta cikin silin. Tahiya bisa ruhi kuma kan layin ƙusa ake yi, nan katako yake. A hau da asuba, ƙarhe goma a sauka. Mun taɓa aiki a Dange yaro ya taka tsakiya, ƙafarshi ta burma har gwiwa, kwano ya yanke shi sai da anka yi ɗinki.

Injiniya Aliyu: A nan muka rabu Malam. Ƙusar da ta yi shekara 20, ko ta zauna, robarta ta mutu. Za a dawo mata bayan damina biyu, kuma kowane hawa kuɗi ne da takun kwano.

Malam Sani Kafinta: Tana bisa tudu Injiniya, kuma hularta ta ruhe ramin. Na bar irinsu da yawa ban ji an kira ni ba.

Baban Ihsan: Na je kasuwa yau da guntun kwanon. Na samu wanda tudunsa ya zauna, kuma mai kauri ne, duk da bai kai tsohon ba. Tunda farashi na canzawa kullum, bari in auna komai da kuɗin bandir ɗaya na wannan kwanon don kowa ya gane.

In gyara ne: kwano bandir ɗaya. Tubaitu takwas masu ƙafa 12 da tubaifo ɗaya da maganin gara, kwatan kuɗin bandir. Sukuru 600, kusan rabin bandir. Kafintan unguwa ya nemi ladan da ya kai rabin bandir. Sai fenti. Mai fenti ya ce kwano 40 da za su rage sai an kankare su da burushin ƙarfe, a shafa jan fentin tsatsa, a bi da fentin mai sau biyu, galan huɗu zuwa biyar. Da ladansa ya kai bandir guda cur. Duka ya kama bandir uku da kwata.

In sabon rufi ne: bandir uku, katako kwata, sukuru rabi, lada rabi da ɗan ƙari, sai a cire abin da za a samu in an sayar da tsohon kwano ga masu shinge. Ya tsaya wajen bandir huɗu.

Uku da kwata da huɗu. Jikina ya yi sanyi. Kamar yayana ne da gaskiya.

Abu Gagi: Ai na faɗa. A ƙara kaɗan a sa lonsfan.

Injiniya Aliyu: Abu, lonsfan mai kauri ba ƙari kaɗan ba ne, kuma siririn alminiyon iska na yage shi a bakin ƙusa. Mu bar shi gefe.

Baban Ihsan, in lissafin ya tsaya haka, ni sabon rufi zan ce. Abin da nake bi shi ne, da zarar gyara ya haura kashi biyu cikin uku na kuɗin sabo, to asara ce, domin ka biya kusan kuɗin sabo ka tashi da kwano 40 masu shekara 20. Ga kuma abin da ba ka sa ba: silin. In an kware duka za a ga kowane katako ido da ido, a shafa magani ko ina, ba a leƙe ta ƙofar silin ba. Wannan garar da ka gani a tubaifo ɗaya, ban yarda ita kaɗai ce ba.

Malam Sani Kafinta: Lissahinka daidai ne, amma dubi abin da ya kumbura shi: fenti. Cire shi ka gani, gyara ya koma biyu da kwata. Rage sukuru zuwa 400, ya ƙara sauka. Rabin kuɗin sabo ke nan. Ni ban ce a yi wa kwano 40 kwalliya ba. Galan ɗaya na jan fenti ya isa a bi bakin haɗi, da layin ƙusa, da inda bulo ya zauna. A goge da burushi har ƙarhe shi fito, a share ƙurar da busasshen tsumma, a shafa ranar. Fentin da anka shafa kan tsatsa mai ɓarewa ko kan ƙura, damina ɗaya yake tashi awa fatar maciji.

Wurin da nike cewa mutum shi kware ba gardama uku ne. In manyan katako sun tahi, don ba a canza su da kwano a sama. In kwano ya ruɓe a bakin haɗi ko ina, ba layi ɗaya ba. Ko in gangarar ta yi kwance ƙwarai, ruwa na komawa baya ta haɗi, wannan ko sabon kwano ka sa sai ya yi yoyo, sai an ɗaga katako. Gidan Inna ban ji ko ɗaya ba tukuna. Mi ne tazarar sama da ƙasa na gangarar?

Baban Ihsan: Na auna daga ciki. Bangon baya ya fi na gaba da bulo uku, kamar ƙafa biyu da 'yan kai, a tsawon ƙafa 16.

Injiniya Aliyu: Ƙafa ɗaya a cikin bakwai ko takwas ke nan. Ba ta da tsayi. A irin wannan haɗin sama da ƙasa kada ya gaza inci takwas, inci shida da aka saba na mai gangara sosai ne. Na gefe kuma tudu biyu. Ka lura, in tsohon haɗin inci shida ne, ƙara shi zai ja bakin layin ƙasa baya da inci biyu.

Malam Sani Kafinta: Wanga ma alheri ne, tunda bakin nutsewa yake cikin kwata. A bar shi shi leƙa kwata kawai, da tazarar yatsa huɗu tsakaninshi da ƙasanta. Sai dai a matsar da tubaitu na ƙasa daidai da shi, dama sababbi ne. Kuma a fara jera sabon layin daga yamma zuwa gabas, abin lura dai bakin haɗin gehe kada shi kalli gabas. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska.

Hajiya Maman Sadik: Ni dai a matsayina na uwa zan ce ku tuna da Inna. Kware rufi duka yana nufin fitar da gado da kwalla da komai tsakar gida, kwana biyu ko uku. Mu da aka yi mana a ƙarshen watan biyar, an kware da safe, la'asar hadari ya haɗo. Katifu biyu muka rasa da buhun gero. In za a kware a bari sai bayan damina, watan goma ko sha ɗaya.

Baban Ihsan: Hajiya wannan maganar ta shige ni. Yau 12 ga watan biyar.

Na kira yayana mun daɗe muna magana. Ya ce shi tsoronsa kada mu kashe rabin kuɗi bana, baɗi mu kashe cikakke. Na ce masa bandir ɗin da za mu saya da sukuru da katako ba asara ba ne, ko an kware daga baya layin ƙasa yana nan sabo, sukuru kuma ana kwance shi a mayar, sai dai a sake roba. Bandir biyu kawai za a ƙara. Ya yi shiru, ya ce to a fara, amma in an buɗe aka ga gara ta ci tubaifo fiye da biyu, a tsaya a kira shi.

Injiniya Aliyu: Sharaɗin yayanka mai kyau ne. Ka sa a soki kan kowane tubaifo inda ya shiga bango, da sukurudireba, ba bugun hama kawai ba. Gara na barin fata a waje ta cinye ciki. Ni har yanzu ina ganin layin sama na buƙatar cikakken fenti kafin shekara biyu.

Malam Sani Kafinta: Wannan mu bari damina ta raba mu Injiniya. Baban Ihsan, kahin kahinta shi zo, gobe ka sa a kwashe kwatar nan tas, a zuba bokiti huɗu na ruwa daga ƙarshe ka tsaya ka gani ko yana tahiya indararo ko yana kwanciya. In yana kwanciya sai mai gini ya gyara mata gangara ya kuma faɗaɗa bakin indararon, in ba haka ba sabon kwanon ma nan zai ruɓe. Bulo da taya a sauko da su dut.

Baban Ihsan: An kwashe da safen nan, baro uku na ƙasa aka fitar. Na zuba ruwan. Rabin gabas yana gudu, rabin yamma ya kwanta kamar kaurin yatsa biyu, kuma akwai tsaga a simintin daidai saman kusurwar ɗakin Inna. Na ɗauki hoto zan turo. Malam, tsagar a fasa a sake zuba siminti ne, ko akwai abin da ake shafawa?

Malam Sani Kafinta: Turo in gani tukuna. In farce na shiga cikinta, fasawa za a yi.